Amanar Fassara Hukuncin Kotu: Darasi Daga Shari'ar Amina Lawal

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

A nan Jigawa, kamar sauran jihohin Arewa, ƙananan kotunan shari'ar Musulunci da Hausa suke zama, da Hausa ake rubuta abin da ya gudana, alƙali kuma ya kawo nassinsa da Larabci. Idan rigimar gado ko ta aure ta tashi daga ƙaramar kotu, ta bi matakanta har ta isa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci da ke Dutse, ba a cika samun matsalar harshe ba, domin masu sauraro da masu magana duk Hausa suke ji. Amma da zarar wani ya ce bai gamsu ba, ya nufi Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya, to sai an juya kundin shari'ar zuwa Turanci. Sashe na 247 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya shardanta cewa alƙalai uku aƙalla masana shari'ar Musulunci su zauna kan irin wannan ƙara, amma harshen kotun Turanci ne. Alƙalan ba su ga mai ƙara yana magana ba, ba su ji shaida ba. Takardar da mai fassara ya rubuta ita ce idonsu, ita ce kunnensu. Bayan sun yanke hukunci, sai takarda ta dawo da Turanci, a nemi wanda zai faɗa wa magada a Yalwawa ko Kiyawa ko Birnin Kudu abin da aka ce game da gonarsu.

Abin da muke son tabbatarwa a wannan rubutu guda ɗaya ne: mai fassara hukunci yana ɗauko abin da kotu ta faɗa ne, ba abin da ya kamata ta faɗa a ganinsa ba. Wannan magana tana da sauƙin furtawa, amma wajen aiki take nuna nauyinta. Za mu bi ta cikin wata shari'a da duniya ta sani, wadda aka rubuta hukunce-hukuncenta da Hausa, daga baya aka fassara su.

Shari'ar da matakanta uku

A watan Maris na 2002 Kotun Shari'a ta Bakori a Jihar Katsina ta yanke wa Amina Lawal hukuncin rajamu bisa tuhumar zina, ta jingina ga ikirarinta da kuma haihuwar da ta yi ba ta da miji a lokacin. Aka jinkirta zartarwa sai ta yaye 'yarta. Ranar 19 ga Agusta 2002 Babbar Kotun Shari'a ta Funtuwa ta tabbatar da hukuncin. Ranar 25 ga Satumba 2003 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci ta Katsina, ƙarƙashin Alƙalin Alƙalai Aminu Ibrahim, ta rushe hukuncin kotunan biyu, ta sallame ta, ta wanke ta. Alƙalai biyar ne suka zauna. Huɗu suka haɗu kan ra'ayi ɗaya, wanda Alƙali Ibrahim Mai Unguwa ya karanta, Alƙali Sule Sada kuma ya saɓa musu da nasa hukuncin. A 2007 aka buga fassarar Turanci ta waɗannan kundaye, tare da ta shari'ar Safiya Hussaini ta Sakkwato, a juzu'i na biyar na wani tarin takardu kan aiwatar da shari'a a Arewa da Philip Ostien, malamin shari'a a Jami'ar Jos a lokacin, ya shirya.

Dalilan masu rinjaye, a taƙaice, su ne: alƙalin Bakori ya zauna shi kaɗai alhali dokar kafa kotunan shari'a ta jihar ta ce ya zauna da mutum biyu, ikirarin sau ɗaya aka yi, ba sau huɗu ba, tana da haƙƙin janye ikirarinta, kotun Funtuwa ta yi kuskure da ta hana ta, kuma cikin macen da aka saka yana iya kwanciya har shekara biyar a fiƙihun Malikiyya, saboda haka ana iya jingina yarinyar ga tsohon mijinta. Bari mu ɗauka cewa wannan hukunci ne aka ajiye a gabanmu aka ce mu fassara.

Muryar wa ke magana?

Hukunci ba murya ɗaya ba ne. A cikin takarda guda akwai abin da lauyan mai ɗaukaka ƙara ya ce, da amsar lauyan gwamnati, da abin da kotun ƙasa ta yanke, da nassin da aka karanto, sannan ra'ayin ita kanta kotun. Alƙali yakan shafe shafuka yana maimaita hujjar lauya kafin ya faɗi tasa. A Hausa, "ya ce" guda ɗaya a farkon sakin layi tana iya ɗaukar jimla goma a bayanta ba tare da an sake ta ba, mai karatu kuma ya fahimta. Idan aka juya jimlolin nan goma zuwa wani harshe aka bar su tsirara, sai su zama kamar kotu ce ke tabbatar da su.

Ga misalin da muka ƙirƙira domin bayani. An rubuta: lauya ya ce wadda ake tuhuma ba ta fahimci ma'anar kalmar zina ba, ba a yi mata bayani ba, don haka ikirarinta ba shi da ƙarfi. Mai fassara ya sa "lauya ya ce" a jimlar farko, ya bar ta biyu da ta uku su kaɗai. Wanda ya karanta zai fita da yaƙinin cewa kotu ta gano ba a yi mata bayani ba, alhali da'awar ɓangare ɗaya ce da mai yiwuwa kotu ta karɓa, mai yiwuwa ta ƙi, mai yiwuwa ma ba ta taɓa ta ba. Maganin wannan shi ne a karanta hukuncin duka kafin a rubuta kalma ɗaya, a sa alama a gefen kowane sakin layi: wannan na lauya ne, wannan na kotun ƙasa, wannan na kotun da ke hukunci. Haka kuma hukuncin Alƙali Sule Sada dole ya tsaya da kansa, da sunansa a samansa, a fassara shi cikakke da ƙarfin da ya rubuta shi. Ba a rage shi don ya zama na marasa rinjaye, ba a kuma haɗa ƙarshensa da umarnin kotu.

Inda malami ke jin ƙaiƙayin gyara

Duk wanda ya karanta fiƙihun Malikiyya ya san cewa a mazhabar Imam Malik ikirari sau ɗaya ya wadatar wajen tabbatar da zina, haka ma wajen Imam Shafi'i. Sharaɗin sau huɗu ra'ayin Hanafiyya da Hanbaliyya ne, waɗanda suka kafa hujja da ƙissar Ma'izu, wanda Manzon Allah (SAW) ya yi ta kau da kai daga gare shi har sai da ya maimaita ikirarinsa sau huɗu. To ga kotu a ƙasar Malikiyya ta ɗauki maimaitawa a matsayin abin lura. Malamin da ke fassara zai ji hannunsa yana son ya tausasa jimlar, ya mai da "ba ya tabbata sai an maimaita" ta koma "ya fi kyau a maimaita", domin ta dace da abin da ya karanta a zaure.

Idan ya yi haka ya ci amana, ko da nufinsa kyakkyawa ne. Lauyan da zai so ya ƙalubalanci wannan dalili an ɗauke masa abin da zai kama. Ɗalibin da ke nazarin yadda kotunanmu ke ɗaukar ra'ayin wata mazhaba domin tunkuɗe haddi an ɓoye masa shaida. Idan mai fassara yana da abin faɗa, wurinsa ƙasan shafi ne, da alamar cewa maganarsa ce, ba ta kotu ba. A fassarar da za a shigar gaban kotu kuwa, irin wannan sharhi na ilimi ba shi da gurbi ko kaɗan. Abin da ake yarda da shi kawai shi ne bayanin cewa kalma kaza ba ta karantuwa ko layi kaza ya goge.

Wani abin kuma shi ne ƙananan kalmomin da ke ɗaure dalili da sakamako: "saboda haka", "ko da a ce", "bugu da ƙari", "sai dai". Idan kotu ta ce ko da a ce ikirarin ya inganta to ta janye shi, ba ta yarda ya inganta ba. Tana nuna cewa dalili na biyu yana tsaye ko na farko ya faɗi. Wanda ya zubar da "ko da a ce" ya sa kotu ta amince da abin da ta ƙi.

Kalmomi uku masu santsi

Ta farko ita ce "muhsana". Jaridu da yawa na waje sun ba da labarin shari'ar da kalmar Turancin da ke nufin cin amanar aure, wadda ba ta hawa sai kan mai aure a lokacin. Amina Lawal kuwa sakakkiya ce. A fiƙihu, ihsani ba ya nufin kasancewa cikin aure yanzu. Yana nufin mutum baligi, mai hankali, ɗa, Musulmi a wajen Malikiyya, ya taɓa yin ingantaccen aure aka kuma yi saduwa a cikinsa, ko da auren ya ƙare. Wanda ya fassara muhsana da "matar aure" ya sa hukuncin ya saɓa wa kansa: shafi ɗaya na cewa an sake ta, wani na cewa matar aure ce. Hanya mafi aminci ita ce a bar kalmar yadda take, a bayyana ta sau ɗaya a inda ta fara fitowa, kar a sauya ta har ƙarshe. Haka ake yi da kalmar zina kanta, domin ta tattara mai aure da marar aure.

Ta biyu ita ce "shubuha". Akwai kusanci tsakaninta da kokwanton da kotunan Turawa ke wanke mutum da shi, amma ba abu ɗaya ba ne. Wancan kokwanto ne kan ko hujja ta isa. Shubuha ta fi faɗi: tana iya kasancewa a cikin aikin kansa, kamar wanda ya zaci halal ne, ko a cikin saɓanin malamai kan ingancin wani aure. Maganar kwantaccen ciki ma ba cewa ake yi likita ya tabbatar da ciki ya shekara biyar ba. Ƙa'ida ce ta fiƙihu da ke ba da damar jingina ɗa ga tsohon miji a cikin wannan wa'adi. Fassarar da ta mai da ita bayanin likitanci ta ɗora wa kotu abin da ba ta faɗa ba.

Ta uku ita ce "i'izari", wadda ke fitowa a kusan kowane kundi na ƙananan kotunanmu. Shi ne tambayar ƙarshe da alƙali ke yi wa wanda hukunci zai hau kansa: kana da sauran hujja ko suka ga shaidu? Kafin hukunci ake yin sa, kuma rashinsa na iya rushe shari'a. Akwai wani mataki a tsarin Turawa da ake ba wanda aka riga aka kama da laifi dama ya roƙi sassauci. Wanda ya fassara i'izari da sunan wancan matakin ya ɗauke shi daga gaban hukunci ya kai shi baya, sai kotun sama ta ga kamar ba a yi i'izari ba alhali an yi.

Nassoshi da shari'o'in da suka gabata

Alƙalanmu suna kafa hujja da littattafai sanannu: Risala ta Ibn Abi Zaidin da sharhinta Samaruddani, Muhtasar na Halil da sharhinsa Jawahirul Iklili, Tuhfatul Hukkami ta Ibn Asim da sharhohinta irin su Bahja da Ihkamul Ahkami, da As'halul Madariki na Abubakar al-Kashnawi. A nan harsuna uku ne ke haɗuwa: Larabcin nassi, Hausar da alƙali ya fassara shi da ita, da Turancin da ake nema.

Aikin yana da tsari. A kwafe Larabcin yadda alƙali ya kawo shi. A fassara Hausar alƙalin, domin fahimtarsa ga nassin ita ce ginshiƙin hukuncin, ko da ta fi nassin faɗi ko ƙunci. Kada a ɗauko wata fassarar Turanci da aka buga a liƙa a madadinta. Sannan a bar sunan littafi da juzu'i da shafi yadda aka rubuta. Sau da yawa alƙali zai ce Tuhfa shafi kaza, alhali lambar shafin ta ɗaya daga cikin sharhohinta ce, domin da sharhin yake aiki. Bugu kuma ya sha bamban: shafin bugun Alƙahira ba lalle ya dace da na Bairut ba. Mai fassara ya buɗe littafin ya duba, saboda hakan na taimaka masa ya karanta rubutun hannu daidai, ya kuma gane ko maganar ta mai matani ce ko ta mai sharhi. Amma idan ya ga lambar ba ta dace da bugun da ke hannunsa ba, ba ya sauya ta da tasa.

Idan fassarar daga Turanci zuwa Hausa ce, sai a tarar da shari'o'in da suka gabata an jera su da wasu lambobi. Ga ɗaya da ta shafi batunmu kai tsaye: Ojengbede v. Esan (2001) 18 NWLR (Pt. 746) 771. Sunayen biyu na masu shari'ar ne, 2001 shekarar rahoton, 18 juzu'i, harufan nan huɗu sunan jerin rahotannin shari'a da marigayi Gani Fawehinmi ya kafa, 746 lambar kashi, 771 shafin farko. Wannan adireshi ne, ba a fassara shi, ba a sake jera shi. Lamba ɗaya ta kauce, lauya ba zai sami shari'ar ba. A cikinta Kotun Ƙoli ta bayyana cewa Turanci ne harshen manyan kotuna, takardar da ke wani harshe sai an fassara ta ta hannun ƙwararren shaida ko tafintan kotu, kuma alƙali ba zai fassara da kansa ba ko da yana jin harshen, domin zai zama shaida kuma mai hukunci a lokaci guda.

Abin da ake fassarawa da kulawa shi ne aikatau da ke kusa da adireshin. Kotu ta bi tsohuwar shari'ar ne, ko ta ce ta bambanta da wadda ke gabanta, ko ta rushe ta, ko lauya ne kawai ya ambata ta? Wanda ya tara waɗannan duka a ƙarƙashin "kotu ta dogara da" zai iya juya ma'anar baya.

Umarnin ƙarshe

Layukan ƙarshe su ne ake aiwatarwa, su ne ke fitar da mutum daga kurkuku ko daga gona. Dubi shari'ar Katsina. Da dalilin farko kaɗai aka tsaya, wato kotun Bakori ba ta cika ba, ana iya rushe hukuncin a ce a sake shari'ar daga farko. Kotun ba ta yi haka ba: ta rushe, ta sallama, ta wanke. Saboda haka "an rushe hukunci" rabin labari ne, sai an ji abin da ya biyo baya. Rushewa da wankewa daban, rushewa da mayar da shari'a gaban wani alƙali daban.

Haka kalmar "an kori ƙara". A bakinmu tana ɗaukar abu biyu da Turancin shari'a ya raba: ƙarar da aka cire daga jerin kotu saboda rashin hurumi ko rashin halarta, wadda ana iya dawo da ita, da ƙarar da aka saurara aka ce ba ta da tushe, wadda ƙofarta ta rufe sai dai ɗaukakawa. Mai fassara ya koma cikin dalilan ya ga wacce ake nufi. Idan asalin bai fayyace ba, ya bar shi a yadda yake ya nuna hakan, kada ya zaɓar wa kotu.

Sai lambobi. Ga wani misali namu. Mutum ya rasu ya bar mata da uwa da ɗa namiji, an ƙiyasta gonarsa naira 2,400,000. Mata na da sumuni, 300,000. Uwa na da sudusi, 400,000. Ɗa ya ɗauki ragowar, 1,700,000. A rubutun hannu, tsakanin "sudusi" da "sulusi" harafi ɗaya ne. Idan aka karanta sulusi, rabon uwa ya zama 800,000, jimilla ta kai 2,800,000, ta zarce dukiyar da 400,000. Haɗa lissafi kawai ya isa ya tona kuskuren. Idan kuma aka duba asali aka ga a can kuskuren yake, a fassara shi yadda yake, a sanar da mai shari'ar ko lauyansa domin a nemi kotun da ta yi hukuncin ta gyara. Haka ake kiyaye iyakokin gona gabas da yamma, da sunayen magada, da kwanakin da aka bayar na ɗaukaka ƙara da ranar da za a fara ƙirga su.

Yadda za a gane fassara mai rauni

Wanda aka miƙa wa fassarar hukuncinsa yana iya gwada ta ko da ba lauya ba ne. Ya tabbatar daga kwafin da kotu ta buga wa hatimi aka yi ta. Ya duba lambar ƙara, da ranar hukunci, da sunayen alƙalai. Ya ƙirga dalilan ɗaukaka ƙara da umarnin ƙarshe a takardun biyu: idan asali na da umarni huɗu, fassara ma huɗu. Ya nemi nassoshin Larabci. Idan sun ɓace aka bar "kamar yadda malamai suka ce", an yi taƙaitawa ne, ba fassara ba. Ya lura ko kalma ɗaya ta fito da fuska biyu a shafuka daban-daban. Sannan ya ba wani mai jin harsunan biyu, wanda bai ga asalin ba, ya karanta masa umarnin ƙarshe da Hausa, ya gwada da abin da alƙali ya rubuta. A ƙarshen takardar kuma a ga sunan mai fassarar da sa hannunsa, domin a san wanda za a tambaya.

Malamanmu na fiƙihu sun yi magana kan tafintan alƙali tun da daɗewa, suka shardanta masa adalci, har suka yi saɓani ko mutum ɗaya ya isa ko sai biyu kamar shaidu. Wannan saɓani kansa ya nuna matsayin da suka ba shi. Don haka muke jan hankalin 'yan'uwanmu limamai da malamai da ake kawo wa irin waɗannan takardu bayan salla: mu karanta wa mutum abin da kotu ta yanke tukuna, daga farko har ƙarshe, har da abin da ba zai yi masa daɗi ba. Idan muna da ra'ayi kan hukuncin, mu faɗe shi bayan haka, mu ce masa a fili wannan namu ne. Idan kuma wa'adin ɗaukaka ƙara yana tafiya, mu tura shi wurin lauya a ranar.

Allah Ya sa mu cikin masu riƙon amana. Shi ne Mafi sani.